Wa ya ce hankali sai an shekara bakwai?

Tun takaddamar shekarun shiga jami'a ta 2024, lokacin da ministan ilimi Tahir Mamman ya kafe a kan 18, magajinsa Tunji Alausa ya zo ya mayar 16, na lura magana ɗaya ta kama bakin wasu masu makarantun kuɗi a Gusau. Da ka tambayi dalilin hana yaro wani darasi, sai a ce maka "shekarunsa ba su kai ba", a jawo sunan Piaget a rufe maka baki.

Jean Piaget, masanin nan ɗan Suwizalan, ya kasa girman tunanin yaro gida huɗu: daga haihuwa zuwa shekara 2, daga 2 zuwa 7, daga 7 zuwa 11, sai abin da ya yi sama. Duk mai takardar malanta ya haddace wannan don cin jarrabawa. Abin da ba a haddace ba shi ne yadda aka samo iyakar shekara bakwai ɗin da ake cewa daga ita yaro ke fara hankali.

Ga gwajin. Ka jera dabino shida, ka jera wasu shida a ƙarƙashinsu, ka tambayi ɗan shekara biyar ko daidai suke. Zai ce e. Sai ka baje layi ɗaya ya yi tsawo, ka sake tambaya. Yawanci zai nuna mai tsawon ya ce ya fi yawa. Daga nan aka yanke cewa bai gane adadi ba ya canzawa don an baje shi.

To, wane yaro ne babba zai maimaita masa tambaya bai ɗauka amsarsa ta farko kuskure ce ba? Balle namu da aka hora da kada su musa wa manya. A 1974 masana McGarrigle da Donaldson sun sake gwajin a Sikotlan, amma suka sa wata 'yar tsana ta hargitsa layin kamar da ɓarna. Mafi yawan yara 'yan shekara huɗu zuwa shida suka amsa daidai. A Senegal ma masaniya Patricia Greenfield ta ga yaran Wolof da ba su shiga boko ba sun fi gane yawan ruwa bai canza ba idan su suka juye shi daga wani mazubi zuwa wani da hannunsu. Ashe rabin abin da ake aunawa salon tambaya ne da sabo.

Masu cewa ai dole hukuma ta sa iyaka ko don tsari, su kira shi tsarin ofis, su daina laƙa wa kimiyya. Ko Piaget ɗin kansa ƙiyasi ya ɗauki shekarun, jerin matakan ya fi damunsa. Kuma wace shekarar ma, a jihar da yara da yawa ba su da takardar haihuwa, sai ta rantsuwa a kotu?

Yarinyar da ke tallan ƙuli-ƙuli a tasha tana ba da canji ba kuskure, ta shiga aji a ce ba ta isa lissafi ba! Malamai su gwada yaro da Hausa, da kayan da ya saba taɓawa, su bar shi ya jera da kansa, sannan su yanke ajin da zai zauna.