Ku daina cewa "ai kara biyu kawai yake sha a rana"

Tun jiya da maganar wani bawan Allah da ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki ta bazu nake ganin mutane suna ta rubuta wai ba sigari ba ce, ai kara biyu kawai yake sha, kuma hoton ƙirjin da aka yi masa bara ya nuna huhunsa garau. Wallahi raina ya ɓaci. Mutum ko arba'in da biyar bai kai ba, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ƙi fita, ku kuma kuna nan kuna wanke sigari da hoton huhu.

To wa ya ce muku a huhu hayaƙin yake tsayawa? Huhu ƙofa ce kawai, daga nan cikin jini yake wucewa.

Jijiyar jini a cikinta akwai wata shimfiɗa siririya mai santsi, ita ke sa jini ya wuce ba ya mannewa, ita ke fitar da sinadarin da ke sa jijiya ta saki ta buɗe. Gubar hayaƙi wannan shimfiɗar take ƙwarzanewa. Da ta ƙwarzanu sai mugun kitse ya samu wurin shiga bangon jijiyar ya zauna, shekara da shekaru yana taruwa har ya zama kamar ƙurji mai ɓawo a sama. Duk wannan ba ciwo ba alama, kuma hoton ƙirji na yau da kullum ba ya nuna shi.

Amma ba ma tarin kitsen ne ya fi tsorata ni ba, daskarewar jinin ce. Akwai ƙananan ƙwayoyi a jini da ake ce wa filatilet, aikinsu idan ka yanke su taru su toshe wurin. Hayaƙin sigari yana sa su ƙara danƙo, suna neman abin mannewa ba tare da an yanke ba, sannan fibirinojin, wato abin da ke saƙa zaren gudan jini, shi ma yawansa ƙaruwa yake a jinin mashayi. To haɗa da nikotin, sinadarin cikin taba da ke tsuke jijiya ya ɗaga bugun zuciya da hawan jini cikin mintoci. Ranar da ɓawon nan ya tsage, jini mai danƙo ya zo ya tarar, nan take guda ya dunƙule ya rufe hanya. In a jijiyar da ke ciyar da zuciya ne, shi ne ciwon zuciyar da ke kayar da mutum farat ɗaya. In a wadda ke kai jini ƙwaƙwalwa ne, shi ne shanyewar ɓarin jiki. Shi da ɓarin dama ya shanye masa, gefen hagu na ƙwaƙwalwa ne jini ya yanke wa, kuma a nan cibiyar magana take ga mafi yawan mutane, shi ya sa bakin ya tafi tare.

Nan ne maganar kara biyu ta rushe. Filatilet ba sa jiran sai ka shanye kwali, hayaƙi kaɗan ya isa ya tayar da su. A 2018 mujallar likitoci ta BMJ ta fitar da nazarin da ya tattara bincike sama da 140, aka ga mai shan kara 1 a rana yana ɗauke da kusan rabin ƙarin haɗarin mai shan kara 20, a zuciya da kuma ƙwaƙwalwa. Rabi fa, ba kashi ɗaya cikin ashirin ba. Kai ko wanda ba ya sha, zama kawai yake da mai sha, haɗarin ciwon zuciyarsa kan ƙaru da kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari.

Na san wani zai ce kakansa ya sha har tsufa bai faɗi ba. Allah ya jiƙan kaka, amma abokan shansa da suka tafi da wuri ba su nan balle su ba da nasu labarin. Masu cewa kwana ne ya ƙare, ba wanda ya musa, sai dai ba a hana mu kiyaye sababi ba.

Don Allah ɗan'uwa in kana sha, ragewa ba shi ba ne, bari ne. Jini yana saurin dawowa hayyacinsa, kabon monoksaid, iskar gubar hayaƙi da ke ƙwace wa iskar oksijin wuri, yana sauka cikin kwana ɗaya, kuma cikin shekara guda zuwa biyu haɗarin zuciya ya ragu sosai.

Sai kuma wanda ya rubuta min wai shi ya koma shisha tunda ruwa na tace hayaƙin. Ruwan sanyaya shi kawai yake, shi ya sa ma kake iya zuƙa ciki sosai ba ka yi tari ba, gawayin da ke ci a saman kuwa shi ke ƙara maka kabon monoksaid. Wannan jirin da ciwon kan da kake ji bayan ka tashi daga zaman awa guda, daga ina kake zaton suke zuwa?