Bashin mamaci a kan dukiyarsa yake, ba a wuyan 'ya'yansa ba

A wajen jana'iza a Agege ko Idi-Araba, kafin a sallaci gawa, za ka ji an yi shela cewa duk mai bin marigayi bashi ya nemi babban ɗansa. Al'ada ce mai kyau. Sai dai mutane da yawa sun ɗauka ma'anarta ita ce bashin ya koma kan yaron, ko mahaifinsa ya bar abin biya ko bai bari ba. Ba haka shari'a ta ce ba.

A fiƙihun Malikiyya da muka tashi a kai, abin da mamaci ya bari ana taɓa shi ne bi da bi. A fara da haƙƙin da ke rataye da wata kadara, kamar abin da aka ba da jingina, sai kuɗin likkafani da kabari, sai bashi, sai wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba. Abin da ya rage shi ne gado. Suratun Nisa'i, aya ta 11 da ta 12, ta maimaita cewa rabo yana zuwa ne bayan wasiyya ko bashi. Idan bashi ya cinye dukiyar, magada sun tashi a tutar babu, amma ba a wuce nan a shiga aljihunsu.

Mu ƙaddara wani dillalin albasa ne a kasuwar Mile 12 ya rasu. Bayan an fitar da kuɗin jana'iza, kayan rumfa da abin da ke banki suka kama naira miliyan 3. Wani manomi a Aliero ta jihar Kebbi yana bin sa miliyan 3, abokin cinikinsa a nan Legas miliyan 2, mai mota miliyan 1. Bashi miliyan 6, dukiya rabinsa, don haka kowa rabin haƙƙinsa zai karɓa: manomi miliyan 1 da rabi, abokin ciniki miliyan 1, mai mota dubu 500. Gwalagwalan uwargida da ta saya da kuɗinta ba sa cikin lissafin. Hasali ma idan akwai ragowar sadakinta da ba a biya ba, ita ma ta shiga layin masu bin bashi.

A nan ake ɓata abin. Abokin cinikin yana kusa, kullum yana zaune a gidan makoki, sai iyali su ji nauyinsa su miƙa masa miliyan 2 cif. Manomin da ke Kebbi kuwa sai labari ya iske shi a makare. An zalunce shi ke nan, kuma yana da damar neman a dawo da rarar. Haka ma magadan da suka yi gaggawar raba gado kafin masu bashi su bayyana, dole kowa ya mayar daga abin da ya karɓa.

Na san hujjar masu cewa wajibi ne 'ya'ya su biya, kuma ba ƙarama ba ce. Hadisi ya ce ran mumini a rataye yake da bashinsa har sai an biya masa. A Buhari, Annabi (SAW) ya ƙi sallatar wani da ake bi dinari 3, sai da Abu Ƙatada ya ce ya ɗauka. Amma a lura, Annabi bai aika a kamo 'ya'yan mamacin ba, Abu Ƙatada ne ya sa kansa. Ɗan da yake da hali ya biya wa mahaifinsa ya yi babban alheri, ni ma shi zan ba shi shawara. Ɗan acaɓan da ke fama da kuɗin haya kuwa bai yi zunubi ba don ya kasa. Malikiyya ma sun halatta a biya bashin mamaci daga zakka, ƙofar da attajiranmu ba su cika leƙawa ba.

Labarin Abu Ƙatada yana ɗauke da gargaɗi. Yaro ya miƙe a gaban shaidu, ido duk hawaye, ya ce "na ɗauke bashin Baba", to ya yi lamuni, kuma lamuni yana kama mai shi, alhali bai ma san adadin ba. Gara ya ce a kawo shaida, za a biya daga abin da marigayi ya bari. Wanda ya tsaya wa mamacin tun yana raye, ko suka ci bashin tare, shi ma ana bin sa, amma saboda alkawarinsa ne.

Dokar Legas ba ta saɓa da wannan ba. Wanda babbar kotu ta ba takardar kula da dukiyar mamaci yana biya ne gwargwadon abin da ya shigo hannunsa. Mai barazanar kai ɗan marigayi caji ofis kuwa, a tuna masa cewa bashi ba laifi ba ne, kuma sashe na 36 na dokar 'yan sanda ta 2020 ya hana kama wani a madadin wani. Tunda gwamnatin Legas ba ta da kotunan shari'ar Musulunci, abin da ya fi sauƙi shi ne a tara masu bashin duka a zama ɗaya, gaban liman ko Sarkin Hausawan unguwa, a rubuta abin da kowa yake bi, a sa hannu, kafin a fitar da ko kwabo.