Sifili a kan amsar da babu ƙarya ko ɗaya a cikinta

Ranar Alhamis na dawo daga aikin dare, ko takalmi ban cire ba, na tarar da 'yar yayana zaune a bakin ƙofar ɗakina a Agege, ta cukuikuye takardar jarrabawar bayoloji a hannu, idanunta sun yi jajir. Aji biyu take na babbar sakandare, baɗi war haka tana zaune a gaban takardar WAEC. Na ce mata lafiya? Ta miƙo mini takardar ta ce, "Gwaggo, don Allah duba ki gaya mini inda na yi ƙarya."

Tambayar da Turanci take, amma ga abin da take nufi: an yanka dankalin Turawa siriri, an tsoma shi cikin ruwan gishiri mai ƙarfi na awa ɗaya, bayyana dalilin da ya sa ya yi laushi kuma ya rage tsawo. Maki shida. Yarinyar nan ta cika rabin shafi da rubutunta mai tsafta. Ta ce dankalin zai yi laushi, zai yamutse, zai lanƙwashe idan an lanƙwasa shi maimakon ya karye, nauyinsa zai ragu, tsawonsa zai ragu. Har zane ta yi, na kafin a tsoma da na bayan an tsame. Malamin ya ja jan biro daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya zana ƙaton sifili a gefe. Shi ke nan. Babu kalma ɗaya. Ta tashi da 46, ga shi makin ci a makarantarsu 50 ne.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na yi bayoloji har na gaji, don haka ina karantawa na ga inda gizo yake saƙa. Ba ta yi ƙarya ba, amma ba ta amsa tambayar ba. An tambaye ta me ya sa, ita kuma ta faɗi me ya faru. Rabin abin da ta rubuta ma tambayar ce ta maimaita, domin ai su suka fara gaya mata cewa dankalin ya yi laushi ya rage tsawo. Wannan ban musa ba, kuma ba roƙon maki na zo yi ba. Abin da ya ƙona mini rai, har yanzu da nake rubutun nan zuciyata tafasa take, shi ne abin da na gani da na ce ta ɗauko mini littafin da take kwafar darasi.

Ma'anar osmosis, wato yadda ruwa ke ratsa siririn tantani, tana nan, an ja mata layi biyu a ƙasa. Na rufe littafin na ce ta karanto mini, ta zubo ta tiryan-tiryan babu tuntuɓe, kamar hadda. A ƙasa ga gwajin dankalin nan an kwafa daga allo: manufa, kayan aiki, yadda ake yi, abin da aka gani. Sai kammalawa, layi ɗaya tak: wannan ya nuna osmosis ya faru. Tsakanin ma'anar da ta haddace da dankalin da ya yi laushi babu wata gada. Ba a taɓa zaunar da su an ce ga yadda wannan ya haifi wancan ba. Na tambaye ta ko sun yi gwajin da hannunsu, ta ce tun da ta shiga ajin sau ɗaya suka leƙa ɗakin gwaji, shi ma ranar da baƙi suka zo duba makaranta. Alhali kowane zango akwai kuɗin ɗakin gwaji a jikin rasit, kuma yayana yana biya. Mutumin da yake fita kasuwar Mile 12 tun kafin kiran assalatu, yana tsaye a kan buhunan dankalin Jos da albasa cikin taɓo da hayaniyar manyan motoci, don kada a koro 'yarsa. Dankalin da ya gagari makarantar ta saya don yara su gani da idonsu, shi ubanta yake sayarwa buhu-buhu!

Washegari na shiga danfo na je makarantar. Na jira kusan awa ɗaya a kan benci kafin malamin ya fito, yana tafiya yana duba waya. Na gaishe shi da mutunci, na nuna masa takardar. Ya ɗan kalla ya ce ai ta siffanta ne, ba ta bayyana dalili ba, kuma haka za a yi mata a babbar jarrabawa, gara ta saba. Na ce Malam, na yarda, to yaushe ka koya musu bambancin? Ya ce yaran aji biyu ya kamata su san wannan da kansu. Da kansu! Daga ina? Idan yaro zai san abu da kansa, kuɗin me ake karɓa? Jimlar da ya faɗa mini a tsaye cikin daƙiƙa biyar, da ya rubuta ta a gefen takardar da jan biron nan nasa, da yarinyar ba ta kwana tana kuka tana zaton ƙwaƙwalwarta ce ba ta ja ba.

Akwai kuma abin da malaman nan ba sa lura da shi game da yaranmu. Yarinyar da Hausa take tunani. A bakinmu "yi bayani" ya ɗauke duka biyun: ka yi bayanin yadda hatsari ya auku, ka yi bayanin abin da ya haddasa shi, duk bayani ne. A jarrabawar kimiyya kuwa kalmomin Turancin biyu ne, "describe" da "explain", kowace da aikinta. Ɗaya tana neman abin da ido ya gani, ɗaya tana neman sanadin da ido ba ya gani. Idan ba a tsaya an raba wa yaro su ba, zai fassara duka biyun a ransa da kalma ɗaya, ya yi ta zuba bayani mai kyau yana kwasar sifili.

Da na dawo gida na ce ta kawo kofi uku, rula, gishiri da dankali ɗaya. Muka fere shi, muka yanka sirara guda uku, kowanne santimita 5 daidai. Na farko muka sa a ruwa zalla. Na biyu muka sa a rabin kofin ruwa da muka narkar da babban cokali ɗaya na gishiri a ciki. Na uku muka fara tafasa shi na 'yan mintoci, muka sake daidaita tsawonsa, sannan muka sa shi a ruwa zalla. Bayan awa ɗaya muka tsame muka auna. Na ruwa zalla ya kai 5.2, ya yi tauri, da ta lanƙwasa shi sai ya karye ƙas. Na ruwan gishiri ya koma 4.6, ya yi laƙwas kamar roba, ta naɗe shi a yatsa. Dafaffen kuwa yana nan a 5, bai ƙaru ba.

Na ce mata duk wannan da muka faɗa yanzu, shi ne abin da kika rubuta, kuma shi ne siffantawa. Yanzu kowace jimla za ki faɗa, zan ce miki "saboda me?" har sai mun kai inda babu sauran tambaya.

Me ya sa ya rage tsawo? Ta yi shiru, can ta ce saboda ruwa ya fita daga jikinsa. Daga ina ya fita? Daga cikin sel, ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka zama dankalin. Kowanne yana da jakar ruwa a tsakiyarsa, da siririn tantani da ya kewaye shi, sannan bango mai ƙarfi daga waje. Saboda me ruwan ya fita, bai shiga ba? A nan ta ce, "Gishirin ne ya tsotse shi, Gwaggo." Na ce kul, wannan maganar ɗakin girki ce, mai maki ba zai ba ki komai a kanta ba, domin gishiri ba shi da baki. Ruwan da ke cikin sel ɗin tsinkakke ne idan aka gwada shi da na kofin, wanda gishiri ya yi wa yawa. Tantanin nan kuma mai zaɓe ne, ruwa yana ratsa shi cikin sauƙi, gishiri kuwa da ƙyar. Don haka ruwa ke tashi daga ɓangaren da ya fi tsinkewa, ya ratsa tantanin, ya koma ɓangaren da abin da aka narkar ya fi yawa. Wannan tafiyar ita ce osmosis ɗin da kika haddace.

Saura laushin. Na ce ta tuna tayar keke. Robar ciki idan ta cika da iska tana tokare tayar waje, sai ta tsaya ƙyam. Haka jakar ruwan take tokare bangon sel idan ta cika, shi ya sa na kofin farko ya yi tauri har ya karye. Da ruwa ya fita, jakar ta motse, matsin ya tafi, bangon ya saki, sel dubbai suka saki lokaci ɗaya, sai dankalin ya yi laushi ya gajarce. Dafaffen kuma shi ne shaidar cewa tantanin ne ke aikin: zafi ya lalata shi, ya daina zaɓe, ba ya iya riƙe matsi, don haka bai kumbura ba duk da yana cikin ruwa irin na kofin farko.

Sai ta ɗago kai ta ce, "To shi ya sa idan Mama ta barbaɗa gishiri a yankakkiyar albasa take kawo ruwa?" Wallahi sai da idona ya ciko. Na ce shi ne, kuma shi ya sa ruwan gishirin da muke ƙara wa marasa lafiya ta jijiya aka auna shi kashi 0.9 cikin ɗari, daidai da ƙarfin na jini. Jajayen ƙwayoyin jini ba su da bango irin na tsiro, idan suka sami kansu cikin ruwa zalla za su yi ta ɗibarsa har su fashe. Yarinyar da aka ja wa sifili ke nan, a zama ɗaya ta ɗauki dalilin ta kai shi kan albasar uwarta da kanta. Wannan ce za a ce ba ta da kai?

Ta sake rubuta amsar a jimla biyar, ko kwatan shafi ba ta cika ba: wane ɓangare ya fi tsinkewa, ruwa ya tashi daga ina zuwa ina, ta cikin me ya bi, sunan abin, sannan me fitarsa ta yi wa matsin cikin sel. Na ce ta ƙirga "saboda" da "don haka" a tsohuwar amsarta. Babu ko ɗaya. A sabuwar guda huɗu ne.

Dankali ɗaya, cokalin gishiri, awa ɗaya, a tsakar gida mai famfo ɗaya. Abin da ya gagari makarantar da ke karɓar kuɗin ɗakin gwaji zango bayan zango ke nan. Su talatin da wani abu ne a ajin, ta ce waɗanda suka ci tambayar ba su wuce huɗu ba, kuma ukunsu suna zuwa darasin kuɗi da yamma. Sauran fa, waɗanda ba su da gwaggo ma'aikaciyar jinya, waɗanda iyayensu za su ga sifili su hau su da faɗa a kan rashin karatu?

Na riga na faɗa wa Yaya kada ya biya ko kwabo na kuɗin ɗakin gwaji na zango mai zuwa sai ya ji daga gare ni. Ranar Litinin zan koma, wannan karon ofishin shugabar makarantar, da rasit ɗin zango uku, da littafin darasin, da takardar mai jan biro. Iyaye biyu daga layinmu sun ce za su biyo ni.