Tela mai keke ɗaya: WhatsApp, Instagram ko TikTok?

'Yan uwa mata teloli, na ga ana ta zuga ku cewa wadda ba ta TikTok an bar ta a baya. Ban yarda ba, musamman ga mai ɗinkin awo, wato wadda sai an kawo mata atamfa ko leshi ta gwada mutum kafin ta sa almakashi.

A ce kina Hotoro a Kano, keke ɗaya, da yarinya ɗaya mai koyo da ke taya ki guga da sa zif. In an samu wuta, a mako kina fitar da kaya kamar kala goma. Kenan a wata kala arba'in ta ishe ki, kuma daga 'yan matan da za su iya hawa adaidaita su zo shagonki, su dawo in riga ta matse a hammata. To, mutum dubu hamsin da suka kalli bidiyonki daga Yamai, Legas da Jidda me suka ƙara miki? TikTok yana kai bidiyo gaban wanda bai san ki ba, ba ya damuwa sosai da unguwarsa. Za ki wuni kina amsa "nawa?", a ƙarshe a ce miki "ai ina Sakkwato". Ga shi bidiyo ɗaya mai kyau, da ɗauka da yankawa, yakan ci lokacin da za ki haɗa siket guda, ban da data.

Ni a ganina WhatsApp ne shagon. Ki sauke WhatsApp Business, kyauta ne. A Catalog ki sa salo kamar goma da kika fi ƙwarewa a kai, kowanne da kuɗin ɗinkinsa da yadi nawa yake ci. Amsar da kike maimaitawa kullum, irin kwatancen shago da lambar asusu, ki ajiye ta a Quick replies. Duk kayan da kika gama, kafin ki ninke shi ki ɗauke shi a bakin ƙofa da hasken safe, gaba da baya, da hoto ɗaya na kusa da ke nuna wuya ko aikin duwatsu, ki ɗora a Status. Minti biyar ne.

Sai dai Status ba ya kawo baƙuwa. Wadda ke ganinsa sai wadda kuka ajiye lambar juna, kuma bayan awa 24 ya ɓace. Saboda haka duk wadda ta shigo shago, ko rakiya ta yi, ku yi musayar lamba nan take. A nan anko yake da riba: amarya ɗaya za ta kawo miki ƙawaye goma sha biyar, kowacce ta zo awo, kowacce ta bar lamba. Da yawansu su ne za su dawo miki da kayan Sallah.

Instagram kuma na baƙi ne. 'Yan mata can suke neman salo kafin biki, kuma budurwa ba za ta ba ki leshi mai tsada ba sai ta leƙa shafinki ta ga hannunki. Hotunan da kika riga kika ɗauka domin Status, ki zaɓi uku mafi kyau a mako ki ɗora, ki sa sunan unguwa da gari a kowanne. A Highlights, wato 'yan da'irorin nan da ke zama a saman shafi, ki ware na amare, na anko, na dogayen riguna. A saman shafi ki sa mahaɗin wa.me da lambarki, a fara da 234 a cire sifilin farko, domin ciniki ya koma WhatsApp. Kada ki tsaya ciniki a wuri biyu, saƙo zai shige miki, kwastoma ta ɗauka wulaƙanci ne.

Wata za ta ce ai za a kwafe mata salo. Za a kwafa mana, ke ma a can kika gano rabin naki. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ɗora hoton kwastoma ba izini. Yarinya ta turo miki hotonta na biki don jin daɗi, washegari yayanta ko saurayinta ya gan shi a shafinki, shi kenan kin rasa gidan gaba ɗaya. Ki tambaya, ko ki yanke fuska, ko ki sa wa mutum-mutumi.

TikTok yana da ranarsa in kina ɗinka na sayarwa, kamar abaya, bubu ko hijabi, waɗanda ba sa buƙatar awo kuma za a iya ba direba a tasha ya kai wani gari. Nan nisa ba matsala ba ne.

In kina shakka, littafin awonki zai raba gardama. Tsawon wata guda, duk sabuwar da ta biya kafin alƙalami ki tambaye ta, "A ina kika ga ɗinkina?", ki rubuta a gefen awonta. Wadda ta yaba ta wuce ba ta cikin lissafi. Ki yi gwajin a watan da ba na azumi ba, domin gab da Sallah ko ba ki ɗora komai ba aiki zai fi ƙarfinki.