Rashin Samu a TLB Ba Kuskuren Shafi Ba Ne

"Malam, ai idan ba a samu adireshi a TLB ba, shi ke nan an samu page fault, sai an je faifai."

Ɗalibaina a nan Kaduna suna yawan faɗin haka, kuma abin yana damuna, ko da yake na san dalili: duka biyun rashin samu ne.

TLB ƙaramin ma'aji ne cikin furosesa, mai riƙe fassarorin da aka yi amfani da su kwanan nan, wato daga adireshin da shiri ke nema zuwa adireshi na zahiri a RAM. Cikakken lissafin yana cikin teburin shafuka, a RAM.

A ce girman shafi, wato kowane yankin da aka raba adireshin shiri zuwa gare shi, bayit 4096 ne, shiri ya nemi adireshi 0x3A7C. Lambar shafi ita ce 0x3, sauran 0xA7C kuwa matsayi ne a cikin shafin, ba ya canzawa. Idan babu 0x3 a TLB, sai a duba teburi. In layin ya nuna shafin yana firam 0x9, wato gurbinsa a RAM, adireshi na zahiri ya zama 0x9A7C, a ajiye fassarar a TLB, aiki ya ci gaba. A furosesa irin x86, na'urar da kanta take yin wannan, babbar manhaja, wato operating system, ba ta ma sani ba.

Kuskuren shafi, wato page fault, sai an duba teburin an tarar alamar kasancewar shafin a RAM sifili ce, ko an keta izini, kamar rubutu a shafin karatu kawai. Nan ne babbar manhaja ke karɓar ragama. Ko a nan ma ba lallai a je faifai ba: in sabon shafi ne, sai ta ba shi firam cike da sifili, ta gyara teburi, a maimaita umarnin. In kuwa adireshin ba halal ba ne, yawanci sai ta kashe shirin.