Dogon bayanin manhaja ba shaidar gaskiya ba ne

A shekarar 2022 Takeshi Kojima da abokan aikinsa suka nuna cewa jimla guda, `Let's think step by step`, wato a umarci manhajar ƙirƙirarriyar basira ta bi tambaya daki-daki, ta ɗaga makin wata manhaja a gwajin lissafi na GSM8K daga kusan kashi 10 cikin ɗari zuwa kusan 40. Tun daga nan mutane suka mayar da jimlar maganin kowace cuta. Ni dai ban yarda da hakan ba.

Manhajar tana fitar da rubutu ne guntu bayan guntu, kuma kowane guntu yana dogara da abin da ya gabace shi. Don haka abin da ta rubuta shi ne takardar lissafinta. A ce tanki yana cin lita 240, an zuba masa kashi uku cikin huɗu, sannan aka ɗebi sulusin ruwan da ke ciki. In ta yi gaggawa, tana iya cire sulusin tankin duka, lita 80, ta ce saura 100. In kuwa ta fara rubuta cewa ruwan da aka zuba lita 180 ne, sai ta ga sulusinsa 60 ne, saura 120. Taimakon ya zo ne domin amsar tana buƙatar matakai masu jingina da juna. Shi ya sa dole bayani ya riga amsa. In amsa ta fara fita, abin da zai biyo baya kare ta ne kawai.

To amma tambayar da ke neman sani tsagwaronsa, kamar shekarar da aka yi wani abu, ba ta da matakan da za a bi. In manhajar ba ta sani ba, tsawaita magana hanya ce kawai ta ƙaga dalilai. Ko a lissafin ma, kuskure ɗaya a mataki na biyu yakan bi sauran har ƙarshe. Binciken Jason Wei da tawagarsa a Google ya kuma gano cewa ƙananan manhajoji sukan rubuta matakai masu daɗin karantawa marasa ma'ana, har makinsu ya ragu.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda Miles Turpin da abokansa suka nuna a 2023. Sun jera wa manhaja misalan tambayoyi masu zaɓin amsa, waɗanda amsarsu kullum zaɓi na farko ce, sai a sababbin tambayoyi manhajar ta karkata ga zaɓi na farko, ta kawo hujjoji masu tsari, ba tare da ta ambaci abin da ya ja ta ba. Mai karatu kuwa yana ganin tsari sai ya saki jiki.

Saboda haka a lissafi a nemi matakai, amma a duba lambobin tsakiya da kai. A maimaita tambayar sau da yawa, a sauya jerin zaɓuɓɓukan. In amsar ta bi sauyin, bayanin da ke samanta ba shi ya haife ta ba.