Aiki Kuka Tallata, Me Ya Kawo Maganar Aure da Juna Biyu?

Abin da ake yi wa masu neman aiki a ɗakin intabiyu ya kai a yi magana da babbar murya, domin an mayar da cin zarafi tamkar wani sashe na tantancewa. Mace ta yi shekaru huɗu tana karatun akanta, ta gama hidimar ƙasa, ta ci jarabawar da kamfani ya shirya da kansa, amma da ta zauna gaban kwamiti sai a tura takardunta gefe a ce mata, "Malama, kina da aure?" Idan ta ce tana da shi, sai a tambaye ta 'ya'ya nawa gare ta, ko maigida ya amince, ko kuma tana da juna biyu. Idan ta ce ba ta da shi, sai wani ya yi murmushi ya ce ai nan ba da jimawa ba wani zai ɗauke ta ya kai ta wani gari. Gaba kura, baya sayaki. Babu amsar da za ta kuɓutar da ita, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa an riga an yanke mata hukunci kafin ta buɗe baki.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne namijin da zai shiga bayanta, da irin takardunta, ba wanda zai tambaye shi ko matarsa ta kusa haihuwa. Idan ma an tambaye shi aure, amsar riba ce gare shi, domin za a ce magidanci ne, ya san ciwon kansa, ba zai yi wasa da aiki ba. Ta yaya kwamiti zai ce ya kwatanta mutum biyu da adalci alhali abin da ya ƙara wa ɗaya maki shi ne ya rage wa ɗayar?

Masu kamfanoni sukan kare kansu da cewa hutun haihuwa asara ne, to bari mu yi lissafin a fili. Sashe na 54 na Dokar Ƙwadago ta Najeriya ya ba ma'aikaciya hutun mako 12, shida kafin haihuwa da shida bayanta, kuma mafi ƙarancin abin da ya wajabta a biya ta shi ne rabin albashinta, wannan ma sai idan ta yi wata shida tana aiki a wurin kafin ta tafi hutun. A ɗauka albashin akantar naira 120,000 ne a wata. Abin da doka ta ɗora wa kamfani a duk tsawon hutun bai kai naira 180,000 ba, sai kuma rabin sa'a sau biyu a rana domin shayarwa idan ta dawo da goyo. Saboda tsoron wannan kuɗi ne za a ajiye wadda ta fi kowa iya daidaita littafin kuɗi a ɗauki wanda ya zo na uku, wanda kuskurensa ɗaya a lissafin haraji zai iya jawo tarar da ta fi haka, kuma babu tabbacin ba zai ajiye aikin ba ranar da ya samu inda ya fi. Namiji yana barin aiki, yana jinya, yana tafiya ƙaro karatu, amma ba a taɓa hana shi aiki tun daga ƙofa saboda abin da wataƙila zai faru ba.

Kotuna ma sun fara nuna inda suka tsaya. A shekarar 2021 rundunar 'yan sanda ta kori wata 'yar sanda a jihar Ekiti saboda ta yi ciki ba aure, bisa ƙa'ida ta 127 ta dokokin rundunar, amma a 2023 Kotun Ma'aikata ta Ƙasa da ke Akure ta ce ƙa'idar nuna bambanci ce, tun da ba ta hawa kan maza, ta kuma ba matar diyyar naira miliyan 5. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya hana a tauye ɗan ƙasa saboda jinsi, addini, ƙabila ko garin asali, kuma Najeriya ta amince da Yarjejeniya ta 111 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, wadda ta haɗa har da matakin ɗaukar aiki. Sai dai wadda aka kora tana da takardar kora da za ta kai kotu. Wadda aka ƙi ɗauka fa? Ba a rubuta mata dalili, ba a ajiye bayanin abin da aka tambaye ta, sai dai a ce, "Za ki ji daga gare mu," shi ke nan. Masu yin waɗannan tambayoyi sun san haka sarai, shi ya sa suke yin su ba kunya ba tsoro.

Tambayar addini kuwa ba kasafai take fitowa kai tsaye ba, tun da sunan mutum ya riga ya ba da labari. Zagaye ake yi: "Wannan hijabin za ki iya cire shi a wurin aiki?" ko "Wane coci kake zuwa?" ko "Asalinku 'yan ina ne?" Idan makarantar Islamiyya ce take neman malamin Ƙur'ani, ko coci yake neman mai wa'azi, addini shi ne aikin, ba wanda zai yi jayayya. Amma mai karɓar kuɗi a asibiti ko direban kamfani, me ya haɗa kujerarsa da alƙiblarsa? Idan damuwar ita ce aikin Juma'a ko na Lahadi, a faɗi ranaku da sa'o'in aiki a fili, a tambayi kowane mai nema ko zai iya, ba tare da an tona masa zuciya ba. Haka nan idan aikin na tafiye-tafiye ne, a ce akwai kwana biyar a wajen gari duk wata, a yi wa namiji da mace tambayar da kalmomi iri ɗaya, a rubuta amsa, a ba da maki a kan takarda ɗaya. Yadda za ta shirya da maigidanta ko wanda zai riƙe mata yara, wannan lissafin gidanta ne.

Sai maganar shekaru, wadda sashe na 42 bai ma ambace ta ba, shi ya sa ake buga ta ƙiri-ƙiri a cikin talla: kada mai nema ya wuce 26 ko 27. A ƙasar da malaman jami'a suka yi yajin aiki na wata tara a 2020 da wata takwas a 2022, wa ya cinye shekarun nan, ɗalibin ne? Ɗan talakan da ya sake jarabawar shiga jami'a sau biyu, ya shiga yana da 21, yajin aiki ya ƙara masa kusan shekara biyu, ya yi hidimar ƙasa, zai fito yana da 28, an rufe masa ƙofa kafin ya ƙwanƙwasa, yayin da wanda aka biya wa jami'a mai zaman kanta ya fito yana da 22. A 2023 Majalisar Dattawa ta yi kira da a daina sanya iyakar shekaru a tallan aiki, amma kira ne kawai, ba doka ba, kuma tallace-tallacen ba su daina fitowa ba. Sakamakon da kowa yake gani shi ne layin matasa a kotu suna rantsuwar rage shekaru, sannan kamfanin da ya tilasta musu wannan ƙarya ya zaunar da su a intabiyu yana tambayarsu ko suna da riƙon amana.